Tsakanin Suna da Arba'in: Ƙuncin Jego da Ciwon Damuwa



An ɗora mana nauyin yin magana a kan halin da zuciyar mai jego kan shiga bayan haihuwa. Za mu tsaya ne a kan hali biyu masu kama da juna a ido, amma makomarsu daban. Na farko yakan zo ya wuce da kansa cikin 'yan kwanaki, kuma a wannan jawabi za mu kira shi ƙuncin farkon jego. Na biyu ciwo ne sosai, wato ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda idan aka ƙyale shi yakan ɗauki watanni yana cin mace a tsaye. Abin da muke so kowa ya tafi da shi gida shi ne: gidajenmu sun fi cika da jama'a a lokacin halin da zai wuce da kansa, sannan su watse daidai lokacin da ciwon da ke buƙatar magani yake bayyana.

Mu fara da na farko. A tsawon watannin ciki, mabiyiya tana zuba wasu sinadarai biyu a jinin mace, istirojin da furojestaron, har su ninka yawan da jiki ya saba da shi sau da dama. Da zarar mabiyiya ta faɗo, cikin kwana biyu zuwa uku waɗannan sinadarai sukan sauka ƙasa warwas. A daidai wannan lokaci ne ruwan nono yake zuwa, ga ciwon jiki, ga rashin barci, ga 'yan barka da ba su yankewa. Saboda haka daga rana ta uku zuwa ta biyar sai a ga mai jego tana kuka ba tare da an yi mata komai ba. Yanzu tana dariya, an jima ta fashe da hawaye, ƙaramar magana ta ɓata mata rai, ko ta riƙa fargabar cewa jaririn bai ƙoshi ba. Wannan yana samun aƙalla rabin matan da suka haihu, wasu ƙididdigar ma sukan kai shi takwas cikin goma.

Alamomi uku ne suke nuna cewa ƙuncin farkon jego ne kawai. Na ɗaya, yana zuwa yana tafiya: tsakanin kuka da kuka akwai sa'o'in da take jin daɗi, ta ci abinci, ta yi wa jaririnta wasa. Na biyu, idan aka karɓar mata jariri aka rufe mata ƙofa, barci yakan ɗauke ta. Na uku, kullum sauƙi yake ƙaruwa, kuma kafin a cika mako biyu ya gushe. Ba ya buƙatar ƙwaya ko allura. Abin da yake so barci ne, da abinci mai kyau, da rage hayaniya, da wani babba da zai ce mata, “Wannan sananne ne, zai wuce.” Mu lura cewa ranar suna tana faɗowa ne a tsakiyar waɗannan kwanaki. Mai jegon da aka sa ta zauna tun hantsi har magariba tana amsa gaisuwa, ta canza kaya sau uku, idan ta yi kuka da dare ba abin mamaki ba ne. Taimakon da ya fi kowanne a ranar shi ne a samu wata gwaggo mai faɗa a ji ta tsaya bakin ƙofa, ta ba ta awa biyu na barci da rana.

Ciwon damuwa kuwa tafiyarsa dabam ce. Yana iya somawa tun da ciki, yana iya ɗorawa a kan ƙuncin farko har a ga mako biyu ya wuce ba sauƙi, kuma yana iya ɓullowa daga baya, a kowane lokaci cikin shekarar farko, ko da yake ya fi yawa a watannin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu a duniya suna samun matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, mafi yawanci wannan ciwo, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Wato idan malamai mata goma suka tafi hutun haihuwa, ba abin mamaki ba ne a samu ɗaya ko biyu a cikinsu. Ba ya zaɓen mai ilimi ko marar ilimi, kuma ba ya nuna raunin imani ko rashin godiya ga kyautar da aka samu.

Ginshiƙansa biyu ne: baƙin ciki ko mutuwar zuciya da ke kwana ya wuni kusan kullum, da gushewar jin daɗin abin da a da ake jin daɗinsa. Idan ɗaya daga cikinsu ya kai mako biyu a jere, tare da wasu alamomin, an fita daga batun ƙuncin jego. Sauran alamomin sun haɗa da rashin cin abinci, da gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, da kasa tattara hankali ko yanke ƙaramar shawara, da yawan ganin laifin kai, da fargaba mai tsanani a kan jariri, wani lokaci har da tunanin cewa mutuwa ta fi. Amma akwai alama guda da miji zai fi kowa ganinta. Kowace mai jego ba ta samun barci saboda jariri yana tashinta. Mai ciwon damuwa kuwa jariri yana barci, gida ya yi tsit, ita idonta biyu, ko ta farka tun ƙarfe uku na dare ta kasa komawa.

Akwai waɗanda ya kamata a fi sa musu ido tun kafin haihuwa. Ta farko ita ce wadda ta taɓa yin irin wannan ciwo, ko a wata haihuwar ko a wani lokaci na rayuwarta, da wadda aka ga ta shiga damuwa tun tana da ciki. Sai wadda ta sha wahalar naƙuda ko aka yi mata aiki, da wadda jaririnta ya zo bakwaini ko ba shi da lafiya, da wadda ta rasa abin da ta haifa, domin ita an fi mantawa da ita da zarar an gama gaisuwa. Haka nan wadda ke zaune cikin rashin jituwa ko duka, da wadda bashi ya dabaibaye gidanta, da wadda ake yi wa gori don ta sake haihuwar mace, da wadda aka tsayar da maganar yi mata kishiya tana cikin jego. Waɗannan ba su ne ciwon ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

To me ya sa muke kasa ganinsa, alhali a tsakar gidanmu yake? Dalili na farko shi ne lissafin kwanakinmu. Daga haihuwa zuwa suna gida a cike yake. Daga suna zuwa arba'in akwai tsohuwa mai kula da wankan jego da kunu, ko kuma mai jegon tana gidan iyayenta. Ranar da aka yi arba'in tsohuwa ta ɗaure kayanta, ko a mayar da mai jego ɗakinta, kowa ya ɗauka an gama. Girki ya dawo kanta, ga wanki, ga manyan yara, ga ranar komawa aji tana matsowa. Mako na shida zuwa wata na uku kuwa lokaci ne da wannan ciwo ya saba nuna kansa. Muna sallamar masu gadi ne a daren da ɓarawo ya fi zuwa.

Dalili na biyu shi ne kunya, musamman ta ɗan fari. Al'adarmu ta koya wa yarinya kada ta nuna ɗoki a kan ɗanta na fari gaban manya: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a bainar jama'a, wata ma sai an matsa mata take ba shi nono gaban surukai. Wannan kunya tana iya zama mayafin da ciwo zai ɓuya a ƙarƙashinsa, har a riƙa yabon yarinya da kawaici alhali zuciyarta ce ta yi sanyi. Hanyar rarrabewa ita ce a dubi yadda take idan babu idon manya. Mai kunya ta gaskiya, idan ɗaki ya rage daga ita sai ƙanwarta, za a ga ta sunkuya tana kallon fuskar jaririn, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Mai ciwo kuwa a ɓoye da a fili ɗaya ne, tana ba da nono idonta na kan bango. Sai dai kada mu ɗauka kowace mai ciwon damuwa tana sakaci da ɗanta. Da yawansu wanka da wanki da shayarwa ba sa kuskure musu, wasu ma ba sa yarda kowa ya taɓa jaririn saboda tsoro. A ciki ne suke ƙonewa.

Dalili na uku shi ne yadda muke faɗin ciwo. Da wuya mace ta ce wa surukarta, “Ina cikin baƙin ciki.” Abin da za ta ce shi ne kanta yana sarawa, ƙirjinta ya yi nauyi, zuciyarta tana bugawa, jikinta ba ƙarfi, ko tunani ya yi mata yawa. Sai a saya mata maganin zazzaɓi a kemis sau biyu sau uku, ko a ce sanyin jego ne ya shige ta, ko a ce iska ce ko sammu. Addu'a tana da wurinta a kowane gida, kuma ba ta hana a tafi asibiti a rana guda. A gefe guda kuma, ba kowace gajiya ce ciwon damuwa ba. Ƙarancin jini bayan haihuwa yana kawo kasala da bugun zuciya, haka ma rikicewar ƙwayar maƙogwaron nan wadda idan ta kumbura muke kira maƙoƙo. Idan kuwa akwai haki, da kumburin ƙafa, da kasa kwanciya rigingine, wannan yana iya zama ciwon zuciya na bayan haihuwa, kuma a ranar ya kamata a kai ta asibiti. Shi ya sa gano ainihin ciwon aikin ma'aikatan lafiya ne, namu aikin shi ne lura da rakiya.

Bari mu bi misali guda daki-daki, domin a ga hali biyun a jikin mace ɗaya. Mu ƙaddara wata malama ce mai shekara 29, haihuwarta ta biyu, aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji. A rana ta huɗu mijinta ya same ta tana kuka saboda an kawo mata kunu ya huce. Da yamma kuma ga ta tana dariya da ƙawayenta. Gwaggonta ta karɓi jaririn, ta yi barcin awa uku, ta tashi da sauƙi. Bayan suna kukan ya ragu, zuwa rana ta goma sha biyu ya ɗauke. Wannan shi ne ƙuncin farkon jego, kuma abin da aka yi mata ya wadatar.

Aka yi arba'in, gwaggo ta koma gida. A mako na bakwai miji ya fara lura cewa idan ya tashi da asuba yakan same ta zaune a bakin gado, jariri kuwa yana ta barcinsa. Tuwon dare yana kwana a kwano. Wayarta tana ƙara ba ta ɗauka, har abokan aikinta suka soma cewa ta canza. Babban ɗansu ya zubar da ruwa ta daka masa tsawar da ba ta saba ba, sannan ta shige ɗaki tana kuka tana cewa ita ba uwar kirki ba ce. Miji ya fassara abin da fushi, domin albashi ya yi jinkiri bai cika mata alkawarin kayan fitar suna ba. Ya ranto kuɗi ya sayo atamfa, ta karɓa ta ajiye ko buɗewa ba ta yi ba. A nan ne ya kamata hankalinsa ya tashi, domin fushi yana da abin da yake nema, idan ya samu yakan sauka. Wanda aka ba shi abin da yake so bai ji komai ba, wani abu ne dabam yake damunsa.

Yayar mijin, wadda ita ma malama ce, ta ba shi shawara irin ta masu kiran rajista. Ta ce ya samu bayan littafi ya ja layi huɗu: barci, abinci, kuka, da fara'a. Kowane dare ya sa alama a asirce, ba don ya kafa mata hujja ba. Bayan kwana goma sha huɗu suka duba: a kwana goma sha ɗaya ba ta yi barcin kirki ba ko da jaririn ya yi, a kwana goma ta yi kuka, fara'a kuwa sau biyu kacal aka gani. Amfanin rubutun shi ne ƙwaƙwalwa takan riƙe ranar da aka yi dariya ta manta da sauran, sai a yi ta cewa ai jiya ma ta warware.

Sai yayar ta zo da rana lokacin da gida ba kowa, ta karɓi jaririn ta goya, ta zauna kusa da ita. Ba ta ce, “Me aka yi miki?” ba, domin wannan tambaya tana neman mai laifi ne, amsarta kuma kullum “ba komai”. Ta faɗi abin da ta gani: “Ƙanwata, na ga kin rame, kuma an ce ba kya barci ko da yaron ya yi.” Sannan ta yi tambayoyi biyu irin waɗanda ma'aikatan lafiya suke fara yi: ko a cikin watan nan ta yawaita jin ranta a dagule ko ta ji ta fid da rai, da kuma ko abubuwan da take jin daɗinsu a da sun daina yi mata daɗi. Ta yi shiru ta jira. Da amsar ta zo da hawaye, ba ta ce mata ta yi haƙuri ko ta dubi waɗanda ba su samu haihuwa ba. Ta ce, “Wannan ciwo ne da aka sani, yana da magani, kuma ba laifinki ba ne.”

Akwai tambaya ta uku wadda ta fi nauyi a baki, amma dole a yi ta: “Kin taɓa jin gara ki mutu, ko tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki?” Yin wannan tambaya ba ya dasa tunanin a zuciyar wadda ba ta da shi, wadda take da shi kuwa sauke mata kaya ake yi. A misalinmu ta ce wani lokaci takan ji da ba ta nan da kowa ya huta, amma ba ta yi niyyar komai ba. Wannan ya isa a daina barinta ita kaɗai tsawon wuni, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannu zai kai, a kuma tafi asibiti ba tare da an jira wata rana ta musamman ba. Da ta ce ta shirya yadda za ta yi, to a wannan sa'ar za a tafi.

Washegari miji ya nemi izini a makaranta ya raka ta da kansa, da littafin a aljihunsa. Rakiyar tana da dalili: mai wannan ciwo takan shiga gaban ma'aikaciyar jinya ta ce lafiya lau, a duba jariri a sallame ta. Shi ne ya buɗe baki ya ce, “Ba don yaron muka zo ba, don uwar ne.” Aka yi mata tambayoyin wani ma'auni da John Cox da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 1987, wanda ake kira da sunan birnin Edinbara na Birtaniya. Tambayoyi goma ne a kan kwana bakwai da suka wuce, kowace tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 30. Wurare da yawa suna ɗaukar 13 zuwa sama a matsayin alamar a tura mace ga likita, kuma duk wadda ta amsa tambaya ta goma, ta cutar da kai, da wani abu ban da “a'a”, ana duba ta nan take ko nawa ta samu. Malamarmu ta samu 17. Ma'aunin ba ya yanke hukunci, tankaɗe ne kawai. Likita ya zauna da ita, ya sa aka auna jininta aka ga ya yi ƙasa, ya tabbatar da ciwon damuwa, ya haɗa mata maganin duka biyun.

Magani iri biyu ne, kuma sau da yawa akan haɗa su. Na farko zama ne na tattaunawa da wanda aka horar, inda ake taimaka wa mace ta kama tunanin da ke karya mata gwiwa ta gwada shi da zahiri, ta kuma koma ga ƙananan ayyukan da ke faranta mata rai ɗaya bayan ɗaya. Kada mu raina wannan. A ƙauyukan Rawalpindi na ƙasar Pakistan an horar da mata ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida su yi irin wannan zama da matan da aka gano suna da ciwon tun suna da ciki. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne ciwon bai sake su ba, alhali a cikin waɗanda ba a yi musu wannan tsari ba kashi 53 ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin a matsayin jagora ga sauran ƙasashe.

Na biyu ƙwaya ce, ga wadda ciwonta ya yi nauyi. Abu uku ne iyali suke kuskurewa a nan. Na ɗaya, tsoron nono: akwai magunguna, irin su sartiralin, da kaɗan ne ƙwarai suke shiga ruwan nono, don haka a gaya wa likita ana shayarwa shi zai zaɓa, kada a yaye yaro kuma kada a saya a kemis da ka. Na biyu, gaggawa: maganin yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga amfaninsa, kuma a kwanakin farko yana iya kawo tashin zuciya ko ciwon kai, a nan ne surukai sukan ce bai karɓe ta ba a zubar. Na uku, dainawa da wuri: bayan an ji sauƙi akan ci gaba aƙalla wata shida, sannan likita ya rage shi a hankali. A misalinmu barci ne ya fara dawowa a mako na uku, sai cin abinci, fara'a ce ta zo a ƙarshe. Da ta cika wata biyu ta ce ta warke za ta ajiye, mijin ya ce su koma su tambayi likita tukuna.

Shi kuma gida yana da nasa rabon aikin, kuma mafi girmansa barci ne. Suka tsara cewa bayan ta shayar da jariri da misalin ƙarfe tara, miji ko ƙanwarsa su ɗauke shi zuwa wani ɗaki har ƙarfe ɗaya ko biyu. Idan ya nemi nono a kawo shi ya sha tana kwance, a mayar da shi, jijjiga da canza ƙyalle duk na mai riƙo ne. Ba a ba shi ruwa don a sa shi shiru, domin kafin wata shida nono kaɗai ne abincinsa. Aka roƙi gwaggo ta dawo na wata guda. Aka raba ayyuka da suna: wannan girkin rana, wancan kai babban yaro makaranta. Cewa “idan kina buƙatar wani abu ki faɗa” ba ya aiki, domin mai wannan ciwo nauyin roƙo ma ya fi ƙarfinta. Shi kansa mijin yayarsa takan tambaye shi yadda yake, saboda kimanin uba ɗaya cikin goma shi ma yakan shiga irin wannan damuwa a shekarar farko.

Kafin mu rufe, akwai hali na uku da ba a jira masa mako biyu ko rubutu a littafi. Yana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yawanci a mako biyun farko, kuma yana zuwa da sauri. Mai jego ta yi kwana biyu ko uku ba barci kuma ba ta jin gajiya, magana ta yi mata yawa ko ta rikice, ta riƙa jin muryoyi ko ganin abin da ba kowa ke gani ba, ta ce an musanya mata jariri ko ana shirin kashe shi. Wannan rikicewar hankali ce ta bayan haihuwa, kuma ta fi barazana ga wadda ta taɓa yin ta ko take da ita a danginta. A ranar za a kai ta asibiti, kada a bar ta ita kaɗai ko ita da jariri, kada a ɗaure ta ko a dake ta. Asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Da magani mafi yawansu sukan dawo hayyacinsu sarai.

Roƙonmu ga mazaje da surukai da abokan aiki shi ne mu ƙara ranaku uku a kan ranar suna da muka riga muka sani. Rana ta goma sha huɗu, mu tambayi kanmu ko kukan ya ɗauke. Mako biyu bayan arba'in, lokacin da gida ya watse, wata ta je ta zauna ta yi tambayoyin nan biyu. Sai makon da mai jego za ta koma aji, shugaban makaranta da abokan aiki su dube ta da kyau kafin su miƙa mata alli da rajista. Ranakun rigakafin jariri na mako shida da goma da goma sha huɗu ma dama ce, tunda an riga an je asibiti, a ce a duba uwar. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mai jego ta iya gyara fuska saboda baƙi, don haka ita kanta za mu tambaya, mu kuma zauna mu ji amsar.

 Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba iyayensu mata lafiya.